Shaidar Fasinja Bayan Hatsarin Mota: Abin da Ka Gani, Abin da Ka Kimanta, da Abin da Ba Ka Sani Ba

Idan mota ta yi hatsari, direbobin biyu kowannensu yana da abin da yake karewa: lasisinsa, motar ubangidansa, ko tsoron gidan yari. Mutanen gari kuwa galibi ƙara suka ji suka rugo, sun tarar da aikin gama ya gama. Saboda haka ɗan sanda mai bincike yakan juya ga fasinja, domin shi ne yake wurin tun kafin abin ya faru, kuma ba shi ke riƙe da sitiyari ba. Sai dai yawancin bayanan da fasinjoji ke bayarwa ba sa wuce jimla biyu. Ko dai a ce "wallahi gudu yake kamar zai tashi sama", ko kuma a ce "ƙaddara ce kawai, direbanmu ba shi da laifi". Duka biyun hukunci ne, alhali abin da ake nema a wurin fasinja shi ne bayani.

Bayanin da ke da amfani shi ne wanda mai shi ya raba maganarsa gida uku: abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, abin da ya kimanta tare da dalilin kimantawar, da abin da bai sani ba. Wanda ya iya wannan rabon ya gama rabin aikin.

Mu ƙaddara wani misali mu bi shi daki-daki. Wata bas ta haya ta tashi daga Kabuga a Kano za ta Gwarzo da yamma, wato ta fuskanci yamma, rana tana dukan gilashin gaba. A wani wuri da titin falan ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa babu shinge a tsakaninsu, sai bas ɗin ta tarar da wata a-kori-kura shaƙe da buhuna tana tafiya a hankali. Direba ya fita zai wuce ta, sai ga wata ƙaramar mota ta taho daga gaba. Ya taka burki, ya yi ƙoƙarin komawa hannunsa, amma motocin biyu suka haɗu. Fasinjanmu yana zaune a layin da ke bayan direba, a kujerar ƙarshe ta dama. Ya samu rauni a kafaɗa, an duba shi a asibiti, washegari aka kira shi caji ofis.

Fara da kujerarka

Abu na farko da ya kamata ya shiga takarda shi ne inda mutum yake zaune, domin kujerar ce ke iyakance abin da zai iya gani. Wanda ke gidan gaba yana ganin titi sosai, kuma yana iya ganin maleji. Wanda ke tsakiyar bas ƙeyar mutane yake gani da ɗan abin da taga ta nuna masa. Wanda ke layin ƙarshe, an jibga kaya a bayansa, wataƙila ƙara kawai ya ji da jijjiga. Idan na layin ƙarshe ya ce ya ga allurar maleji a kan 120, lauyan direba zai rushe maganar da tambaya ɗaya, kuma daga nan duk sauran abin da ya faɗa, ko gaskiya ne, ya rasa daraja.

Haka kuma mutum ya faɗi abin da yake yi a lokacin. Idan waya yake dannawa, ko gyangyaɗi ya ɗauke shi sai ƙarar burki ta farkar da shi, ya faɗa. Wannan ba abin kunya ba ne. Yana nuna wa mai bincike daidai inda shaidar ta fara, kuma abin da ya biyo baya sai ya fi samun karɓuwa.

Dama da hagu na wa?

A nan ne bayanai da yawa suke rikicewa. Mutum ya ce "motar ta fito ta hagu", amma hagun wa? Hagun direba yana kallon gaba, ko hagun wanda ya tsaya a gaban motar yana kallonta bayan hatsarin? Waɗannan biyun kishiyoyin juna ne. Ƙa'idar da ke kawar da ruɗani ita ce a ɗauki dama da hagu kullum daga fuskar da motar da kake ciki ta nufa, kuma a faɗi hakan tun a farkon bayani: "mun fito daga Kano mun nufi Gwarzo, duk inda na ce dama ina nufin damanmu muna kallon Gwarzo."

Tun shekarar 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar yadda ake yi a Nijar da Kamaru da Chadi. Ma'ana, a titi falan ɗaya, hannunka shi ne na dama, mai tahowa kuma yana wucewa ta hagunka, ɓangaren da direba yake zaune. Don haka babbar tambayar da ake son fasinja ya amsa ita ce: a lokacin da motocin suka haɗu, kowace a hannun wa take? A misalinmu, amsar gaskiya ita ce gaban bas ɗin yana hannun mai tahowa, bai gama komawa ba. Idan akwai farin layi a tsakiyar titi kuma ka gan shi, ka faɗi yadda motar take a kansa. Idan layin ya goge, ka ce ya goge.

Sannan a bambanta wurare uku da mutane ke cakuɗawa: inda aka fara ganin haɗarin yana tahowa, inda motocin suka haɗu, da inda kowace ta tsaya daga ƙarshe. Mota takan ja da nisa bayan karo, ko ta juya ta fuskanci inda ta fito. Wani lokaci ma mutanen gari sukan tura ta gefe don buɗe hanya ko don ciro wanda ya maƙale, kafin jami'ai su iso. Idan ka ga an matsar da mota, wannan labari ne mai muhimmanci, domin ɗan sandan da ya zo daga baya zai zana taswirarsa ne a kan abin da ya tarar.

Kowane wuri a jingina shi da abin da ba ya motsi: kwalbati, turken lantarki, bishiyar maina, masallacin bakin hanya, allon sunan gari. "Kusa da wani mai rake" ba alama ba ce, domin gobe mai raken ya tashi. Wajen nisa kuwa, gara a yi amfani da ma'aunin da ido ya saba da shi. Bas irin ta haya tsawonta kimanin mita 5 ne, don haka "tsawon bas huɗu" ya kai wajen mita 20. Filin ƙwallo kuma tsawonsa wajen mita 100 ne. Wanda ya ce "tsakaninmu bai kai tsawon filin ƙwallo ba" ya fi wanda ya ƙaga "mita 63" amfani.

Me ya sa jiki ba ya auna gudu?

Ɗan Adam ba shi da gaɓar da ke auna gudu. Abin da jiki ke ji shi ne canjin gudu, wato lokacin da aka taka totur ko burki, sai kuma ƙara da jijjiga da iska. Shi ya sa tsohuwar bas mai ƙaraf-ƙaraf da tagogi a buɗe takan ji kamar tana sheƙa gudu alhali tana kan 70, sabuwar mota mai rufaffen gilashi kuwa tana kan 120 mutum yana shan barcinsa. Bayan an daɗe ana gudu sosai, jiki yakan saba, har idan direba ya sauko zuwa 80 a shigar gari sai a ji kamar rarrafe ake yi, alhali iyakar gudu a cikin gari a dokar hanya ta Nijeriya kilomita 50 ne a awa.

Motar da ke tahowa daga gaba ta fi kowace wuyar kimantawa. Ido ba ya ganin tafiyarta, girmanta kawai yake gani yana ƙaruwa, kuma ba ya ƙaruwa sosai sai ta zo dab. Ga shi kuma gudunku da nata sun haɗu: idan kuna kan 90 ita tana kan 70, tazarar da ke tsakaninku tana rufewa ne da gudun 160. Shi ya sa kusan kowane fasinja yakan rantse cewa ɗaya motar ce ta taho a guje. Manyan motoci kuma, tirela da tanka, sukan yi wa ido kamar suna tafiya a hankali fiye da yadda suke. A kan motar da ta taho daga gaba, amsar da ta fi gaskiya galibi ita ce "ba zan iya kimanta gudunta ba."

Ko malejin ma yana da tarkonsa. Wanda ke zaune a dama yana kallon allurar ne ta gefe, kuma idan tana tsaye wajen tsakiya takan yi masa kamar ta nuna ƙasa da abin da direba yake gani. Motocin da aka shigo da su daga Amurka kuma manyan lambobin malejinsu mil ne, ba kilomita ba, kuma mil 60 ya kai kusan kilomita 97. Fasinjan da ya ce "na ga 60" a irin wannan mota bai yi ƙarya ba, amma idan bai ambaci irin malejin ba ya ɓatar da mai bincike. A motocin haya da yawa kuwa allurar ma ta mutu tuntuni. Idan haka ne, a faɗa.

Yadda ake kimantawa da hujja

Duk da haka, fasinja yana da hanyoyin da zai ba da kimantawa mai tushe. Ta farko ita ce agogo da nisa. A misalinmu, fasinjan ya kira gida da za su bar tasha, wayarsa ta nuna 4:35. Bayan hatsarin, da ya samu fitowa, ya sake kira da 5:24, kuma yana ganin bai fi minti huɗu da faruwar abin ba. Tafiyar ta ɗauki kimanin minti 45 ke nan. Idan wurin yana da nisan kilomita 60 daga tasha, matsakaicin gudunsu kilomita 80 ne a awa. Amma an sha cunkoso a fitar gari, an kuma tsaya sauke wata mata, don haka a sararin hanya dole motar ta riƙa wuce 80. Wannan lissafi bai faɗi gudun da ake yi a daƙiƙar hatsarin ba, amma ya nuna irin tuƙin da ake yi, kuma wayar tana nan a matsayin hujja.

Ta biyu ita ce kwatanta da sauran motoci. Ku kuke wuce mutane ko ku ake wucewa? A-kori-kurar da kuka tarar, kun cim mata da sauri ko kun daɗe kuna binta? Ta uku ita ce canji: ka ji ƙarar inji ta ƙaru da direba ya fita wucewa? Ka ji burki kafin karo, har jikinka ya tafi gaba? Waɗannan abubuwa ne da jiki yake ji da gaske, kuma shaida a kansu tana da ƙarfi.

Daga nan sai a ba da tazara maimakon lamba ɗaya, a haɗa da dalili: "ban ga maleji ba, amma ina kimanta tsakanin 80 zuwa 100, saboda mu muke wuce yawancin motoci kuma ya ƙara wuta da zai wuce." Wanda bai taɓa tuƙi ba, bai kuma saba da lambobin ba, ya tsaya a kan kwatance: ya fi gudun da aka saba yi a hanyar, ko bai kai ba.

Akwai kuma batun daƙiƙoƙi. Mai shaida yakan tsawaita lokacin tashin hankali, ya ce "mun yi kusan minti ɗaya muna ganin motar tana tahowa". Motar da ke kan 90 tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan ɗayar tana kan 72, tana cin mita 20. Tazarar mita 180 za ta ƙare a tsakaninsu cikin daƙiƙa 4. Ma'auni mai kyau a nan shi ne abin da mutum ya samu damar yi: "na fara salati ban ƙarasa ba" ya fi "minti ɗaya" kusa da gaskiya.

Kalmar tambaya tana iya canza amsa

A shekarar 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, suka nuna wa ɗalibai 45 fina-finan hatsarin mota, sannan suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalma mai zafi, kamar a ce "da suka ragargaji juna", sun ba da matsakaicin kusan kilomita 65 a awa. Waɗanda aka tambaya da kalma mai sanyi, kamar "da suka taɓa juna", sun ba da kusan 51, alhali fim ɗaya suka kalla. A gwaji na biyu, bayan mako guda, waɗanda aka yi wa tambaya mai zafi sun fi cewa sun ga fasasshen gilashi, kuma babu shi a fim ɗin.

Wannan ne ke faruwa a bakin titi da gadon asibiti. Kowa yana ba da labari, 'yan dubiya suna ƙara gishiri, kafin kwana biyu mutum ya kasa raba abin da ya gani da abin da ya ji. Maganinsa shi ne, da zarar an samu natsuwa, a rubuta abin da aka tuna ko a naɗe shi a waya, tare da ɗan zanen titin, kafin a shiga hira da kowa. A caji ofis kuma, idan aka ce, "Malam, ai gudu yake sosai, ko?" amsar ita ce, "Yallaɓai, ban ga maleji ba, amma ga abin da na lura da shi."

Ga yadda bayanin fasinjanmu zai kasance:

"Ranar Talata da misalin ƙarfe 4:35 na yamma na shiga bas daga Kabuga zuwa Gwarzo. Ina zaune a layin bayan direba, kujerar ƙarshe ta dama. Ina ganin titi ta tsakanin direba da mutanen gidan gaba, amma ba na ganin maleji. Dama da hagu a bayanina na fuskar Gwarzo ne. Babu ruwa, titi a bushe yake, rana tana fuskarmu. Da misalin 5:20, bayan mun wuce wani kwalbati, muka tarar da a-kori-kura a hannunmu. Direbanmu ya fita hagu zai wuce ta, na ji ƙarar inji ta ƙaru. Ban lura ko ya sa sigina ba. Muna daidai da a-kori-kurar na hango ƙaramar mota fara tana tahowa a hannunta, tsakaninmu kamar tsawon filin ƙwallo biyu ko ƙasa da haka. Na ji burki mai ƙarfi, motarmu ta karkata dama. Gabanmu na hagu ya haɗu da gabanta na hagu, a lokacin ba mu gama komawa hannunmu ba. Ina kimanta gudunmu kafin burki tsakanin 80 zuwa 100. Ba zan iya kimanta gudun farar motar ba. Da na fito na ga motarmu a gefen dama, farar motar kuma a gefen hagu ta juya. Mutane sun tura ta gaba kaɗan kafin jami'ai su zo. Na ji wani yana cewa direbanta waya yake yi, amma ni ban gani ba."

Babu inda ya ce wane ne mai laifi, kuma bai buƙaci ya faɗa ba.

Titi ma yana ba da shaida

Dalilin da ya sa ƙari ko ragi ba ya biya shi ne mai bincike yana da abin da zai gwada maganarka da shi: sawun taya a kwalta, inda gilashi da ƙasar ƙarƙashin mota suka zube, da yadda ƙarfe ya lotsa. Daga tsawon sawun burki ana fitar da mafi ƙarancin gudu da wannan lissafi, inda d yake tsawon sawun a mita, f kuma riƙon taya da titi, wanda a busasshiyar kwalta akan ɗauke shi kimanin 0.7:

```
v = √(254 × f × d)
```

Idan bas ɗin ta bar sawun mita 30, lissafin ya ba da kimanin kilomita 73 a awa. Wannan gudun da zai sa ta tsaya cak a ƙarshen sawun ne, ita kuwa ba ta tsaya ba, karo ta yi da sauran ƙarfinta. Idan tana kan 50 a lokacin karon, ta fara burki ne tana kan kusan 88. Fasinjan da ya ce 80 zuwa 100 maganarsa ta zauna daram. Wanda ya ce 140 don haushi, da wanda ya ce 50 don tausayin direba, titin ya ƙaryata su duka. Lissafin yana da iyaka: ruwa ko yashi suna rage riƙon taya, motoci masu burkin zamani kuma ba sa barin sawu sosai. A irin wannan hali ne shaidar fasinja take ƙara nauyi.

Kafin ka sa hannu

Wanda ya ji rauni, asibiti ne farko, kuma lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122. Wanda ya bugu a ka, ko aka yi masa allurar kashe zafi, ya nemi a jinkirta ɗaukar bayani, kuma idan akwai giɓi a abin da ya tuna ya ce akwai.

Sau da yawa mutum da Hausa yake magana, ɗan sanda yana rubutawa da Turanci. A nan ne "ina kimanta 80 zuwa 100" take komawa "100" kawai, "na ji an ce" kuma ta ɓace. Ka nemi a karanta maka a fassara, jimla bayan jimla, a gyara abin da ba haka ka faɗa ba, sannan ka sa hannu ko ka dangwala. Kada ka sa hannu a farar takarda a kan za a cike daga baya. Idan ka tuna wani abu bayan kwana biyu, ka koma ka ba da ƙarin bayani da kwanan watansa, domin wannan takarda ce za a ɗauko idan magana ta je kotu ko kamfanin inshora, kuma da ita za a auna abin da ka faɗa a gaban alƙali.

Matsin lamba zai zo. 'Yan uwan direba za su ce a rufa masa asiri yana da iyali, dangin wanda ya rasu kuma suna son a ɗora masa komai. Yafiya da sulhu hakkin waɗanda aka cuta ne, kuma suna iya yin su bayan an san abin da ya faru. Ba da labarin ƙarya ga jami'i da gangan laifi ne a doka, kuma Alƙur'ani ya hana ɓoye shaida a aya ta 283 ta Suratul Baƙara. Idan ka tsinci kanka a wannan hali, ka faɗi kujerarka, ka faɗi hannun da kowace mota take, ka ba da tazarar gudu da dalilinka, inda ba ka gani ba kuma ka ce ba ka gani ba. Hukunci aikin mai bincike ne da alƙali.